Yadda ake ba mai neman aiki ɗan gwaji kafin intabiyu ba tare da ka ci guminsa ba

Karo na farko da na ba masu neman aiki gwaji, ni da kaina na ɓata abin. Wani Alhaji da ke sarin albasa da wake a kasuwar Mile 12 da ke Legas yana neman akawu, wanda zai riƙa shigar masa da cinikin rana a kwamfuta, ya ce in taya shi tacewa. Sai kawai na ɗauki hoton littafin cinikinsa na wata uku cur na tura wa mutum tara, na ce kowa ya shigar a Excel ya fitar da jimla. A raina wai na yi dabara, za mu ga wanda ya iya. Mutum uku ne suka dawo da shi, kuma waɗanda takardunsu suka fi kyau ba sa cikin ukun nan, ɗaya ma ya turo min saƙo ya ce "Yallaɓai, don Allah wannan gwaji ne ko har na fara aikin ne ban sani ba?" Na ji kunya wallahi, don gaskiya ya faɗa, aikin kwana biyu ne na ba su kyauta, ga shi na watsa sunayen masu bashin Alhaji a wayar mutum tara da ba mu san su ba.

To ga yadda muka sake yin abin daga baya, kuma haka nake yi har yanzu. Misalin akawun zan bi har ƙarshe, amma mai neman ma'aikacin amsa saƙon kwastoma ko mai zanen talla zai iya juya shi ya dace da nasa.

Mataki na farko: ka tace tukuna, gwaji daga baya

Kar ka saka gwaji a jikin tallar aikin ka ce duk mai so ya yi ya turo. A zagaye na biyu mutum 40 suka nemi aikin nan. Da kowannensu ya zauna awa ɗaya, awa 40 ke nan na lokacin mutane, sati guda na aiki, a kan kujera ɗaya tak. Kai ma kanka in kowace amsa za ta ci maka minti 15 wajen dubawa, awa 10 ne, kuma ba za ka yi ba, za ka duba goman farko ka gaji sauran su tafi a banza. Saboda haka muka karanta takardu, muka kira wasu a waya na minti biyar biyar, muka faɗa musu albashi da wurin aiki da lokacin shigowa, don wanda yake zaune a Ajah ko Badagry in ya ji sai ya iso Mile 12 kafin bakwai na safe shi da kansa zai ce a'a. Mutum shida suka rage, su kaɗai suka ga gwajin.

Faɗin albashi kafin gwaji ba alfarma ba ce. Ba daidai ba ne mutum ya ƙona datarsa da darensa sannan ranar intabiyu ya ji kuɗin ko na mota ba zai ishe shi ba.

Mataki na biyu: ka zaɓi abu ɗaya da aikin ya rataya a kai

Na tambayi Alhaji, na ce "Alhaji, wane kuskure ne in akawu ya yi zai fi ƙona maka rai?" Bai yi wani tunani ba ya ce, "Ɗana, a rubuta min bashi sau biyu in je in tsare mutum da maganar kuɗin da ba na binsa, ko kuma lissafi ya kuskure a yi shiru ba a faɗa min ba." Shi ke nan, gwajin ya fito. Ba saurin buga rubutu muke nema ba, ba iya ƙawata tebur da kala ba, ido muke nema mai kama kuskure da kuma bakin da zai iya faɗa wa maigida. Duk abin da ba wannan ba a bar shi sai intabiyu, ko a koya wa mutum in ya shigo.

A nan ne mutane suke kwaɗayi, a ce tunda za a yi gwaji bari a gwada komai, lissafi da rubuta wasiƙa da tsara rasit. Gwaji mai kai biyar ba ya nuna maka komai sai wanda ya fi kowa zaman banza.

Wani zai ce me zai hana kawai a ce ya turo aikin da ya taɓa yi? Ga mai zane ko mai ɗaukar hoto ko marubuci wannan shi ne daidai, ka fara da shi, sau da yawa ma ya wadatar ba sai an yi sabon gwaji ba. Amma ga akawu akwai matsala, aikinsa na baya littafin wani maigidan ne. Wanda ya turo maka lissafin tsohon wurin aikinsa da sunaye da kuɗaɗe a ciki, to ka san gobe naka zai tura wa wani.

Mataki na uku: ka ƙirƙiri kayan gwajin, kar ka ɗebo na gaske

Wannan shi ne zuciyar maganar, zan ɗan daɗe a kai. Ma'aunin da nake amfani da shi guda ɗaya ne: in amsar da mai neman aiki ya turo za ta yi maka amfani a kasuwancinka gobe da safe, to ba gwaji ba ne, aiki ne, kuma aiki biya ake yi. Gwaji na gaskiya shi ne wanda ka riga ka san amsarsa, in ka gama dubawa ba abin da za ka yi da shi sai gogewa.

Na zauna na haɗa tebur mai layi 25 na cinikin ƙarya. Ginshiƙin A kwanan wata, B sunan kaya, C yawan buhu, D kuɗin buhu ɗaya, E jimla, F mai saye, G an biya ko bashi ne. Masu sayen ma ban ba su suna ba, Mai Saye 1, Mai Saye 2, haka har takwas. Kuɗin duk na ƙirƙira ne, na dai sa su yi kama da na kasuwa don kar abin ya zama wasan yara. Ban da kunyar da na sha a baya, akwai kuma dokar kare bayanan mutane da Najeriya ta kafa a 2023, sunan kwastoma da lambar wayarsa da abin da ake binsa ba abin rabawa ba ne ga wanda ko ɗaukarsa aiki ba ka yi ba.

Sai na binne kurakurai uku da gangan. Na farko, wani layi na buhu 12 na albasa a kan naira 45,000 kowanne, wanda ya kamata ya zama 540,000, na rubuta 450,000, irin juyewar lamba da ke faruwa in mutum yana sauri. Na biyu, layin wake buhu 8 a kan 60,000, wato 480,000, bashi ne a kan Mai Saye 3, na maimaita shi sau biyu a rana ɗaya amma ba kusa da juna ba. Na uku ɗan ƙarami ne mai wayo, a layi ɗaya na rubuta Albasa na bar sarari a bayan kalmar, ido ba ya gani, amma wanda ya yi amfani da wannan don tara kuɗin albasa:

```
=SUMIF(B2:B26,"Albasa",E2:E26)
```

layin da na bar wa sararin zai zille masa, don a wurin kwamfuta kalma da sarari a bayanta wata kalma ce daban. Wanda ya saba, zai haɗa jimlar albasa da ta wake ya ga ba su kai jimlar duka ba, ya san akwai abin da ya ɓuya.

Tambayoyin kuma uku ne kacal. Nawa aka yi ciniki gaba ɗaya, nawa ne na albasa nawa ne na wake. Su wa ake bi bashi kuma nawa. Sannan ka rubuta wa Alhaji saƙo da bai wuce layi biyar ba, da Hausa ko Turanci, ka faɗa masa duk abin da ka ga bai yi daidai ba.

Daɗin binne kuskure shi ne lamba ɗaya ta isa ta faɗa maka abin da mutum ya yi. In ya tara ginshiƙin E yadda yake zai samu 9,650,000, wato bai duba komai ba. In ya kawo 9,170,000 ya ga maimaicin bai ga juyewar lamba ba. In 9,740,000 ne, ya gyara lambar bai ga maimaicin ba. Wanda ya kama duka biyun zai kawo 9,260,000. Cikin minti biyu ka san inda kowa ya tsaya.

Mataki na huɗu: ka auna lokacin da agogo, ba da ka ba

Duk mai ba da gwaji yana cewa "ai ɗan abu ne, minti talatin", alhali bai taɓa zama ya yi ba. Kafin ka tura wa kowa, ka ba wani da ya san aikin ya yi kana riƙe da agogo. Ni na ba wata ƙanwata da ke aikin lissafi a Ikeja, ta gama a minti 20. Sai ka ninka sau biyu zuwa uku, saboda baƙo bai san tsarinka ba, yana tsoro, zai duba ya sake dubawa. Ya zama awa ɗaya ke nan, kuma a wajena nan ne iyaka. Gwajin da ba biya kar ya wuce awa ɗaya, in ya wuce ka yanke shi, kar ka tsaya kana lallashin kanka. Da farko layi 40 na yi, ita ce ta ce min yaya wannan ya yi yawa, layi 25 ma zai nuna abin da 40 zai nuna.

Tsawon aikin daban, wa'adin dawowa da shi daban. Awa ɗaya ne aikin amma ka ba da kwana uku, kuma a samu Asabar ko Lahadi a ciki. Legas ce fa. Wanda yake da wani aikin a hannu yana fita da asuba, gosulo ya riƙe shi, bai shiga gida ba sai tara na dare, ya tarar ba wuta waya ta mutu. In ka ce a dawo da shi cikin awa shida, ba gwanin ka zaɓa ba, mai janareto da wanda ba ya aikin komai ka zaɓa.

Haka maganar kwamfuta. Da yawa daga yaranmu na Agege da Idi-Araba sun iya Excel a wurin aiki ko makaranta suka koya amma ba su da kwamfutar kansu. Ka ba da zaɓi: a yi a waya da Google Sheets, ko a zo shago a yi a kwamfutarmu ka biya kuɗin mota. Mu mun tura wa kowa naira 1,000 ta data tare da gwajin, dubu shida ke nan gaba ɗaya, Alhaji ya ɗan yi gunaguni amma ya bayar. Kuma ko da wasa kar kuɗi ya fito daga wajen mai nema zuwa wajenka, ba kuɗin fom ba kuɗin rajista, garin nan cike yake da 'yan damfara masu tallar aikin ƙarya, da zarar ka nemi sisi ka shiga sahunsu a idon mutane.

Mataki na biyar: saƙon da za ka tura

Ka rubuta komai a fili don kar mutum ya yi ta hasashe. Ga kusan abin da muka tura ta WhatsApp:

"Assalamu alaikum Malam. Kana cikin mutum shida da muka zaɓa daga masu neman aikin akawu. Kafin intabiyu akwai ɗan gwaji, tebur ne na ciniki mai layi 25 da tambaya uku. Lissafin na ƙirƙira ne, ba na shagonmu ba ne, kuma ba za mu yi amfani da amsarka a komai ba sai tantancewa. Bai kamata ya wuce awa ɗaya ba, in awa ta cika ka tsaya ka turo inda ka kai, ba laifi. Abin da za mu duba shi ne daidaiton lissafi da yadda ka yi bayani, ba ado ba. Ka dawo da shi kafin Litinin ƙarfe 8 na dare. In ba ka da kwamfuta ka faɗa mana. Ranar Laraba kowa zai ji daga gare mu, ko an zaɓe shi ko ba a zaɓe shi ba."

Jimlar nan ta "in awa ta cika ka tsaya" tana da aiki. In ba ka faɗa ba, mai tsananin buƙata zai kwana a kai yana saka kala da zane, ya kashe awa biyar, sai ka zo kana kwatanta aikin awa biyar da na awa ɗaya. Kuma tunda ka ce ba ado za ka duba ba, to ka cika alkawari, kar teburi mai kyau ya ruɗe ka.

Mataki na shida: ka rubuta makin kafin amsa ta farko ta shigo

In ka bari sai ka ga amsoshi sannan ka yanke abin da kake so, za ka tsinci kanka kana gyara ma'auni ya dace da wanda ya kwanta maka a rai, ko ɗan garinku, ko wanda limamin unguwa ya turo. Mu maki goma muka raba: biyu biyu ga kowane kuskure da aka kama, shida ke nan, biyu ga jerin masu bashi, biyu ga saƙon Alhaji. Na sa ƙanwar tawa ta cire sunaye ta sa lamba 1 zuwa 6 kafin in duba, sai da na gama na san waye waye.

Biyar suka dawo da shi, ɗaya ya yi shiru. Biyu sun kawo 9,650,000, sun tara kawai. Ɗaya ya kawo 9,740,000. Biyu sun kama manyan kurakuran duka, amma bambancinsu a saƙon ya fito, kuma shi ya fi burge ni a duk abin. Lamba 2 ya goge layin da aka maimaita ya ba da jimla, bai ce komai a kai ba. Lamba 5 ba ta goge ba, ta rubuta cewa "Alhaji, waken Mai Saye 3 buhu 8 ya fito sau biyu a rana ɗaya. In sau ɗaya ya ɗauka jimla 9,260,000 ce, in da gaske sau biyu ya ɗauka 9,740,000 ce. A duba rasit kafin a yi masa maganar bashi." Wannan shi ne ainihin abin da Alhaji ya ce yana so, don a kasuwa mutum yana iya dawowa da yamma ya ƙara ɗaukar irin abin da ya ɗauka da safe, akawu ba shi da hurumin goge bashin 480,000 da zato. Ni kaina da na haɗa gwajin ban sa wannan a cikin makin ba, sai da na gani.

To idan wani ne ya yi masa fa?

Yana faruwa, wa ko aboki ya zauna ya yi. Ba sai ka tsaurara gwajin ba, a intabiyu ake gane wannan cikin minti goma. Ka buɗe teburin da ya turo a gabansa ka ce ya nuna maka yadda ya gano kuskuren farko, sannan ka canza abu ɗaya, misali Mai Saye 3 ya kawo 200,000 yau, nawa ya rage. Wanda ya yi da hannunsa kafin ka rufe baki ya kai hannu wurin, ya ce saura 280,000 in dai ɗauka ɗaya ce. Wanda aka yi wa zai tsaya yana neman layin kamar yau ya fara ganinsa. Mun kira uku intabiyu, da haka ɗaya ya faɗi.

Idan kana son ganin mutum a kan aikin gaske

Wani lokaci awa ɗaya ba ta isa, kana so ka ga yadda zai yi da ainihin littafi da hayaniyar kasuwa, motar kaya na saukewa ana kiransa ta ko'ina. Ba laifi, amma daga nan an bar gwaji an shiga aiki, sai a biya, kuma mutum ɗaya ko biyu na ƙarshe kawai. Lissafin ba wuya. Albashin kujerar nan 150,000 ne a wata, ka raba da kwana 22 na aiki, ka sake rabawa da awa 8, awa ɗaya ta kama wajen naira 850. Rabin yini, awa huɗu, 3,400 ke nan, muka cika shi 5,000 ban da kuɗin mota. Da albashin kujerar ake lissafi, ba da mafi ƙarancin albashi na ƙasa ba, wanda aka mayar 70,000 a 2024, don da wancan awa ɗaya ko naira 400 ba ta cika ba. A faɗi kuɗin tun kafin ya zo, a ba shi a ranar kafin ya tafi, ko za a ɗauke shi ko ba za a ɗauke shi ba. "Za mu haɗa maka a albashin farko" ba biya ba ne, wanda ba a ɗauka ba fa?

Masu neman mai zane su fi kowa kiyaye wannan. A ce wa mutum goma kowa ya zana tambarin shago a matsayin gwaji, a ƙi ɗaukar kowa, bayan wata biyu sai ga zanen ɗaya a jikin allon shago. Zanen na wanda ya zana ne matuƙar ba ku yi yarjejeniya ya sallama maka ba, in ya burge ka ka kira shi ku yi ciniki ka saya. In gwaji kake so, ka ba shi sunan shagon da babu shi a duniya.

Ranar Laraba

Alkawarin nan shi aka fi karyawa, an samu wanda ake so sai a manta da sauran. Wanda ya ba ka awarsa ɗaya yana da haƙƙin layi biyu daga gare ka. Tunda makin na rubuce abin ba ya cin minti biyar, ga wanda ya kawo 9,740,000 na rubuta masa cewa mun gode, ba mu ci gaba da shi ba a wannan karon, ya kama kuskuren ninkawa amma akwai layin wake da ya fito sau biyu bai lura ba, ya riƙa jera tebur bisa sunan mai saye kafin ya tara, maimaici zai fito kusa da juna. Ya amsa da godiya har ya tambayi yadda ake jerawar, na nuna masa Sort a ƙarƙashin Data. Bayan an kammala na goge amsoshin da takardun waɗanda ba a ɗauka ba daga wayata, sai na mutum ɗaya da na nemi izininsa in ajiye ko wani wurin zai buɗe.

Lamba 5 ita aka ɗauka. Teburin kuma na canza lambobinsa da wurin da kurakuran suke kafin in sake amfani da shi, don gwaji in ya shiga wayar mutum shida a Agege, ka ɗauka ya shiga ta sittin.